Maki 8 Cikin 20: Yadda Takardar Maki Ta Koya Mini Tambayar Marar Lafiya

Ina aji huɗu a makarantar koyon likitanci aka fara shigar da mu jarrabawar da ɗalibai ke kira oski. Ga wanda bai san ta ba, ɗakuna ne ko lunguna a jere, kowanne da aikin da za ka yi a cikinsa. A wannan ɗakin ka auna hawan jini, a wancan ka duba ciki, a na gaba ka zauna da mutum ka tambaye shi labarin ciwonsa. Ana kaɗa ƙararrawa ka shiga, ana sake kaɗawa ka fita, ko ka gama ko ba ka gama ba. Mu a wurinmu minti 5 ake ba kowane ɗaki, wanda ake kira tasha. A can gefe malami na zaune da takarda a kan cinya, ba ya cewa uffan, sai dai ka ga biro na motsi ko ka ga ya tsaya cak.

Ni kuwa a lokacin ina ganin in dai maganar tambayar marar lafiya ce, ai ba ni da matsala. A ɗakin kwantar da marasa lafiya nakan zauna da mutum minti 40, wani lokaci awa guda, in cika shafi huɗu da rubutu, a yaba mini a zagayen safe. Saboda haka sauran tashoshin na yi ta wa shiri, wannan kuwa ko waiwayarta ban yi ba.

Ranar jarrabawar na tsaya a bakin ƙofa na karanta takardar da aka manna. An rubuta cewa mutum ne ɗan shekara 45, ya zo da tari na mako 6, a ɗauki bayanin ciwonsa a taƙaice. Na shiga na tarar da wani dattijo daga cikin ma'aikatan asibitin, wanda aka koya wa abin da zai faɗa. Na gaishe shi gaisuwar gida, har da iyali da gajiya. Daga nan na kama jero tambayoyin nan da aka haddace mana tun ranar farko: suna, shekaru, sana'a, aure, unguwa, addini, ƙabila. Shekarun ma da suke rubuce a jikin ƙofa sai da na sake tambaya. Da ya ce shi direban babbar mota ne, sai na ce wace hanya yake bi, shi kuma ya gyara zama ya fara ba ni labarin hanyar Legas. Kafin in kai ga tarin, rabin lokacina ya tafi. Na tambayi yaushe ya fara, da kaki ko babu, akwai zazzaɓi. Ina cikin buɗe baki in tambayi jini a kaki ƙararrawa ta kaɗa. Malamin ya ɗago ya dube ni, ya nuna mini ƙofa da biro.

Na samu 8 cikin 20. Na ci jarrabawar gaba ɗaya da kyar saboda sauran tashoshin sun ɗaga ni, amma abin ya tsaya mini a rai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani ɗan ajinmu da ko sau ɗaya ban taɓa ganin ya gama rubuta bayanin marar lafiya guda ba, shi ya samu 15.

Bayan mako biyu na tare wata babbar rajistara a sashen, wato likita mai horon ƙwarewa, wadda take cikin masu shirya mana jarrabawar gwaji. Na ce, "Cif, don Allah ina so in san inda na yi kuskure. Ni dai na san na iya tambaya."

Ta ce, "Ƙanwata, kin taɓa ganin takardar da ake ba ki maki da ita?"

Na ce ban taɓa ba. A zatona ma asiri ce, ganinta laifi ne. Ta yi dariya ta jawo durowa ta fito da wata tsohuwa ta jarrabawar gwajin shekarar da ta wuce, irin wadda ake raba wa ɗalibai bayan an gama don su ga inda suka faɗi. Ita ma a kan mai tari ce. Bari in faɗi wannan a fili: takardun da nake magana a kansu irin waɗannan ne, na gwaji da na littattafan shiri. Takardar jarrabawar da ba a riga an yi ba, wanda ya nemo ta sata ya yi.

Shafi ɗaya ce tak. Layi-layi ne, kowane layi da akwatuna uku a gabansa: bai yi ba, ya yi rabi, ya yi cikakke. Na bi ta da yatsa daga sama har ƙasa ina lissafi. Gaisuwa da gabatar da kai da neman izini, duka maki 2. Duk wannan jerin suna da addini da ƙabila da na ɓata kusan minti biyu a kai, babu layinsa ko ɗaya, sai sana'a kawai, ita ma tana can ƙasa cikin abubuwan da ke jawo ciwon. Tarin kansa yana da maki 5: tsawon lokacinsa, yadda yake tafiya, kaki da launinsa da yawansa, jini, da abin da ke tsananta shi. Alamomin da ke tafiya da shi maki 4: zazzaɓi, zufa da dare, rama, haki ko ciwon ƙirji. Abubuwan da ke jawo ciwon wasu 4: sana'a, zama da mai tari na dogon lokaci, cunkoso a ɗakin kwana, shan taba, da haɗarin kamuwa da cutar ƙanjamau. Sauran 5 an raba su tsakanin ciwukan baya, magungunan da ya sha, abin da yake tsoro game da ciwon, taƙaita masa abin da aka ji, da kuma yadda malamin ya ga tsarin hirar gaba ɗaya.

Sai na ga lissafin ƙarara. Maki 13 cikin 20 suna tsakiyar takardar, ni kuma na isa wurin saura mini minti biyu da rabi. Ɗan ajin nan namu bai fi ni sanin tarin fuka ba, wato tibi, ciwon da takardar ke nema. Ya san inda makin yake, ya tafi can kai tsaye.

Rajistarar ta ce mini wani abu da ya zauna mini. Ta ce malamin nan ba ya ba da maki a kan abin da ke cikin kanki, sai abin da ya shiga kunnensa. In kin dubi mutum kin ga ya rame amma ba ki tambaya ba, akwatin rama zai zauna fanko. Kuma da gangan aka gina jarrabawar a haka. Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta ƙasar Sikotilan ne suka fito da tsarin a 1975, saboda a tsohuwar hanya sakamakon ɗalibi yakan dogara da wane marar lafiya ya faɗo masa da kuma wane malami ya ci karo da shi. Sai suka ce kowa ya ga abu iri ɗaya, a auna shi da ma'auni ɗaya. Ma'aunin kuwa shi ne wannan shafin da ke hannuna.

Abin da na fara yi shi ne na tattara duk irin waɗannan takardu da zan iya samu, wajen guda goma sha biyu: tari, ciwon ƙirji, ciwon ciki, ciwon shawara, kumburin jiki, ciwon kai, gudawa da sauransu. Na shimfiɗa su a kan katifa ina kwatanta su. Sai na lura kansu da ƙafarsu kusan iri ɗaya ne, cikinsu ne kawai ke canzawa. Wato buɗewa da rufewa, da ciwukan baya, da magunguna, da na dangi, da yanayin rayuwa, waɗannan sau ɗaya za ka koye su su yi maka aiki a kowace tasha. Abin da ke buƙatar karatu na musamman shi ne tsakiyar.

Na biyu, kuma shi ne wanda ya fi cin lokacina, na mayar da kowane layi jimlar da zan furta da bakina. Takardar tana cewa "ya tambayi rama", amma ba ta gaya maka yadda za ka tambaya ba. In ka ce wa mutum "ka rame?", zai iya cewa a'a don bai taɓa hawa sikeli ba. Sai na rubuta: "Baba, kayanka sun yi maka yawa a 'yan kwanakin nan? Ko mutane na ce maka ka faɗa?" A gaban zufar dare na rubuta: "Kana tashi cikin dare ka tarar rigarka ta jiƙe, ko da ba a zafi?" Wannan ƙarshen yana da muhimmanci, don a watan Afrilu kowa ma jiƙewa yake yi. A gaban tsawon lokaci na koyi jingina shi da abin da mutum ba ya mantawa: "Kafin azumi ya fara ko bayan salla?" Magani kuwa shi ne babban tarko. Ka ce "kana shan wani magani?" a ce maka a'a, alhali an sha na kemis kala uku, ga jiƙo a gora a ƙarƙashin gado. Sai na raba tambayar gida uku: na asibiti, na kemis, da na gargajiya, kowanne da tambayarsa. Kowace jimla na rubuta ta da Hausa da Turanci, domin a jarrabawa ba ka san da wanne za a sa ka yi ba, kuma wadda ba ka taɓa furtawa ba a nan harshenka zai sarƙe.

Layin da na fi jin nauyinsa shi ne na cutar ƙanjamau. Ina yarinya, ga mutum sa'an mahaifina, a ce in tambaye shi ko yana neman mata a waje. A gwajin farko da muka yi tsallake shi na yi da gangan, na ce gara in rasa makin. Ƙawata da ke riƙe da takardar ta ce ba ta yarda ba, sai na maimaita. Sai da muka zauna muka gina masa gada. Na koyi in fara da cewa, "Baba, akwai wasu tambayoyi masu nauyi da muke yi wa duk mai irin wannan tari, ba kai kaɗai ba, kuma abin da ka faɗa a nan zai tsaya. Ka ba ni izini?" Sannan in fara da mai sauƙi, ko an taɓa yi masa ƙarin jini, ko an taɓa yi masa gwajin cutar, kafin in kai ga iyali da abin da ke wajen iyali. Na faɗe ta a gaban madubi ya fi sau talatin kafin ta daina maƙale mini a wuya.

Mu uku muke atisaye, bayan sallar isha'i a wani aji da babu kowa. Ɗaya likita, ɗaya marar lafiya, ɗaya malami da takarda da agogon waya an saita minti 5. Dokarmu ita ce mai riƙe da takarda ba ta da tausayi: abin da ba a furta ba ba a yi ba, ko da ta san kin sani. In agogo ya yi ƙara a tsakiyar jimla, nan aka tsaya. Da haka na gano rabon lokacin da ya dace da ni: kamar daƙiƙa 30 na gaisuwa da izini, minti biyu da rabi a kan ciwon da alamominsa, minti ɗaya da 'yan kai na tarihin baya da magani da yanayin rayuwa, sannan in ajiye daƙiƙa 30 na ƙarshe don taƙaitawa da godiya. Wani abin da ban zata ba, zaman da na fi ƙaruwa da shi shi ne wanda nake riƙe da takarda. Kana kallon wata tana tsallake layi, kana jin yadda tambaya biyu da aka cusa cikin numfashi ɗaya ke sa a amsa guda a bar guda, sai ka gane yadda kake a idon malami.

Cikin wata guda ina samun 18, 19. Kaina ya fara girma. A nan ne na faɗa rami na biyu, wanda a ganina ya fi na farko haɗari.

Wata rana rajistarar nan ta zo ta ga atisayenmu, ta ce ita za ta zama marar lafiya. Ta rubuta a allo: mace 'yar shekara 58, tari na wata biyu. Na ce a raina, wannan ai gida ne. Na shiga jero takardar tarin fuka da na haddace kamar karatun allo. Kaki? Ta ce ɗan kaɗan, fari mai kumfa. Jini? Babu. Zazzaɓi? Babu. Zufar dare? Ta ce, "Zufa dai babu, 'yata, amma daren ne ba na samun barci, sai na tara matashi uku na jingina." Na ce to, na wuce zuwa rama. Ta ce, "Rama? Ai ni takalmina ma ya daina shiga." Na ce to, na wuce zuwa zama da mai tari. Na gama da saura daƙiƙa 20, ina murmushi.

Ta ce, "To Likita, me ke damuna?"

Na ce tarin fuka ne ya fi kusa.

Ta juyo da takardar da ta zo da ita. Ba ta tarin fuka ba ce, ta gazawar zuciya ce. Layukan tsakiyarta su ne haki in an yi aiki, kasa kwanciya a miƙe, farkawa cikin dare ana neman iska, kumburin ƙafa, bugun zuciya, hawan jini da ko ana shan maganinsa. Sau biyu ta miƙo mini amsar a tafin hannu, matashi uku da takalmin da ya ƙi shiga, ni kuwa ban ji ba, domin lokacin da take magana ina can ina neman layi na gaba a kaina. Ta ce, "Abin da aka manna a ƙofa alama ce, takardar da ke hannun malami kuwa an rubuta ta ne a kan ciwo. Tari ɗaya yana iya samun takarda biyar."

Wannan ya sa na sake tsarin karatuna daga tushe. Na daina haddace takarda a matsayin jerin tambayoyi. A gefen kowane layi na koma ina rubuta dalilinsa: wannan tambayar wane ciwo take nema, wanne take korewa? Zufar dare da rama suna neman tarin fuka ko ciwon daji. Jingina da matashi yana neman zuciya. Shaƙewa mai zuwa tana tafiya, da ƙirji mai kuka kamar usur, suna neman asma. Ƙwannafi da tarin da ke tashi bayan an ci abinci an kwanta suna neman ciki. Da na yi haka sai kowace alama ta zama mini mararraba mai hanyoyi huɗu ko biyar, kuma ina da tambaya ɗaya ko biyu da zan leƙa kowace hanya da su kafin in zaɓi wadda zan bi da sauran lokacina.

Na kuma koyi yin shiru a farko. Wannan ya yi mini wuya, don in kana da minti 5 kowace daƙiƙa da ba kai ke magana ba ji kake kamar asara ce. Amma akwai wani bincike da Beckman da Frankel suka wallafa a 1984 a Amurka, inda suka gano likitoci na katse marar lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa. Ni ko 18 ɗin ba na kaiwa. Sai na ɗora wa kaina doka: bayan na ce "gaya mini abin da ya kawo ki", ba zan sake magana ba sai ta tsaya da kanta, sannan in ce "sai kuma me?" sau ɗaya. A jarrabawa wanda ke wasan marar lafiya an ba shi jimlar buɗewa da zai faɗa, an kuma ba shi wasu abubuwa da zai saki in an ba shi fili. Sau da yawa a cikin wannan rabin mintin yakan cike maka akwati biyu ko uku ba tare da ka tambaya ba. Sai dai in ya faɗa, ka maimaita da bakinka, "wato kin ce da dare ya fi tsanani", don malami ya san ka ji.

Ina da ƙorafi a kan takardar maki, kuma har yau ban janye shi ba. Tana saka wa mai yawan tambaya, ba lallai mai tambayar da ta dace ba. Ƙwararren likita zai iya gano ciwo da tambaya shida ya tashi da maki kaɗan, ɗalibi ya yi ruwan tambayoyi talatin bai fahimci komai ba ya fi shi. Shi ya sa ake ƙara wancan layin na ƙarshe inda malami ke auna hirar gaba ɗaya da idonsa, kuma a nan ne mai karatun allo ke zubar da maki. Amma ɗalibi ba ƙwararre ba ne. Ni a aji huɗu ban kai matsayin da zan tsallake tambaya don na san ba ta da amfani ba. Tsallakewata duk ta mantuwa ce ko ta kunya, kuma takardar ce ta nuna mini su ɗaya bayan ɗaya.

A jarrabawar ƙarshe, tasha ta bakwai, na karanta ƙofa: mace 'yar shekara 52, tari na mako 8. Gabana ya faɗi, na ce yau ga tsohon abokin gaba. Na shiga na gaishe ta, na faɗi sunana da matsayina, na nemi izini, na ce, "Mama, gaya mini abin da ya kawo ki." Na rufe bakina.

Ta ce tari ne busasshe, kamar ana yi mata susa a maƙogwaro, ya hana ta sakat har a cikin salla. Na ce sai kuma me. Ta ce babu komai, ita dai da ma lafiyarta ƙalau in ban da hawan jinin nan da aka gano mata kwanaki.

Da a bara ne da na ce to, na wuce zuwa kaki. Sai na riƙe maganar. Na leƙa sauran hanyoyin da sauri: babu kaki, babu jini, babu zazzaɓi, babu zufa, kayanta ba su yi mata yawa ba, babu mai tari a gida, tana kwanciya da matashi ɗaya, ƙafa ba ta kumbura, babu ƙwannafi, ba ta da asma. Sannan na dawo. "Mama, hawan jinin nan yaushe aka gano shi?" Ta ce wata uku ke nan. "An ba ki magani?" Ta buɗe jaka ta fito da wani kati da aka rubuta sunan maganin, lisinofiril. "Tarin ya riga maganin, ko maganin ya riga tarin?" Ta ce ai ba ta fi mako biyu da fara sha ba tarin ya taso. Wannan rukunin magungunan hawan jini an san shi da jawo busasshen tari ga wasu masu shan sa, kuma yakan lafa in likita ya canza shi da wani.

Na tambaye ta me take tsoro. Ta sunkuyar da kai ta ce maƙwabciyarta ta ce tibi ne, har jikokinta an daina kawo mata. Na gama sauran layukan, na taƙaita mata abin da na ji, na ce kada ta daina maganin da kanta sai an duba an canza mata. Ina cewa na gode ƙararrawa ta kaɗa.

Ba a nuna mana makin kowace tasha a jarrabawar ƙarshe, don haka lambar da na samu a wannan ɗakin tana can a fayil ɗinsu. Abin da na gani kawai shi ne, lokacin da na yi tambayar wanne ya riga wanne, malamin da tun shigowata kansa ke sunkuye ya ɗago ya dube ni, sannan ya mayar da kai ya ja biro. Na fita na tsaya a ƙofar tasha ta takwas, inda aka ce in duba cikin wani yaro mai kumburin saifa, hannuna na rawa ina ƙoƙarin tuna ta wane gefen gado ake tsayawa.